Riga Biyar, Wando Huɗu: Lissafin Suturar Ma'aikaci a Bakin Kogin Haɗeja

Wani ƙanena ya sami aikin koyarwa a wata makaranta da ke yankin Auyo, yana kwana a cikin garin Haɗeja, kullum da safe ya hau babur ya tafi. Bai cika wata uku da kama aiki ba ya same ni da maganar rance. Da na tambaye shi abin da ya taso, sai ya sunkuyar da kai ya ce: “Yaya, kaya ne. Ɗalibai sun haddace rigunana, har sun san wadda zan sa ranar Talata.” Na ce ya kai ni in ga akwatin nasa. Abin da na tarar ya ba ni mamaki, domin ɗinki takwas na ƙirga, cikakku, riga da wando. Uku daga ciki anko ne na bukukuwan abokai, masu launin da ba ya shiga aji. Biyu shadda ce mai nauyin aiki, wadda ba a hawa babur da ita a bi ta cikin ƙura. Ɗaya wandonsa ya yage a gwiwa, rigar tana nan lafiya amma ta zama marainiya. Saura biyu, su ne yake ta juyawa mako bayan mako.

Ashe ba ƙarancin kaya ne ke damunsa ba. Kayan ne ba su san juna ba. Kowane ɗinki tsibiri ne, ba ya aron komai daga maƙwabcinsa, ba ya kuma ba shi aro. Wannan ita ce maganar da nake so mu tattauna a wannan mako, domin na tabbata akwai ma'aikata da yawa, maza da mata, daga Malam Madori zuwa Kafin Hausa, waɗanda akwatunansu ke cike amma kowace safiya sai sun tsaya tunanin abin da za su sa.

Tunanin tara tufafi kaɗan masu shiga juna ba sabo ba ne a duniya. Wata mai kantin tufafi a Landan, Susie Faux, ta yaɗa shi a shekarun 1970, sannan a 1985 Donna Karan ta Amurka ta fito da jerin tufafi bakwai da mace ma'aikaciya za ta riƙa sauyawa. Sai dai su can abin ya zo musu da sauƙi, domin riga daban ake sayenta, wando daban. Mu kuwa yadi muke yanka, mu kai wa tela, ya fitar da riga da wando daga ƙyalle guda. Mace ta sayi turmin atamfa, a fitar mata da riga da zani da kallabi, duk zane ɗaya. Saboda haka a wurinmu ba a gaban madubi ake haɗa kaya ba. A gaban mai yadi ake haɗa su, tun kafin almakashi ya taɓa su. Wanda ya bari sai bayan an ɗinka sannan ya fara neman abin da zai shiga da wani, ya makara.

Kafin a je ga launi, akwai tambayar da ta riga ta: kaya nawa ne suka isa? Amsar ba ta wurin sha'awa take ba, tana wurin igiyar shanya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Haɗeja ke haura digiri 40, riga takan bushe kafin a gama wanke ta ƙarshe, amma gumi ba ya barin a maimaita ta kwana biyu a jere. A watan Agusta kuwa, sa'ad da kogi ya cika, fadamu suka ɗauki ruwa, iska ta yi nauyi da laima, rigar auduga tana iya kwana biyu a igiya ba ta saki ba. Don haka mai lissafi da watan Agusta zai yi, ba da rani ba. Ma'aikaci yana fita kwana biyar a mako. Idan yana wanki sau biyu, daren Laraba da safiyar Asabar, to abin da ya sa daga Litinin zuwa Laraba zai shiga ruwa ranar Laraba, yana buƙatar wasu riguna biyu da za su kai shi Alhamis da Juma'a ko da na igiya ba su bushe ba. Uku da biyu, biyar ke nan. Wanda ya sauka ƙasa da riguna biyar, wata rana zai fita da ɗanyar riga a jikinsa. Wanda ya haura bakwai kuma, ya soma sayen abin da zai kwanta a akwati.

Wando lissafinsa daban ne. Ba ya shan gumi kamar riga, ana iya maimaita shi, amma shi ne ke shan wahalar hanya. Mai bin hanyoyin fadama a kan babur ya san inda laka take sauka: a ƙafar wando, daga idon sawu zuwa ƙwauri. Wando ne ke gogar kujera, shi ne ke tsagewa a gwiwa, shi ya sa kusan kullum yake riga rigarsa mutuwa. Kuskuren da muke yi shi ne ɗinka wando ɗaya tak ga kowace riga, ta yadda mutuwarsa takan zama mutuwar ɗinkin gaba ɗaya.

Ga yadda muka tsara wa ƙanen nawa. Mutum matsakaici, idan yadin mai faɗi ne, wato inci 58 zuwa 60, yadi huɗu kan ishe shi kaftani da wando: kimanin biyu da rabi na riga, ɗaya da rabi na wando. Dogo ko mai jiki zai ƙara. Muka ɗauki ruwan toka a matsayin uwar launi, saboda yana ɓoye ƙurar hunturu, ba ya kuma nuna gishirin gumi kamar baƙi. Muka yanki yadi takwas daga bandir guda, aka fitar da riguna biyu da wanduna biyu. Riga ɗaya doguwar kaftani ce mai dogon hannu, ɗayar kuma jamfa ce da ta tsaya a gwiwa, mai wuya daban, don kada ido ya ɗauke su abu guda. Sai yadi huɗu na shuɗi mai duhu, riga da wando. Sai yadi huɗu fari, riga da wando, domin Juma'a da ranakun taro. Na ƙarshe yadi biyu da rabi ruwan madara, riga kaɗai ba wando. Jimla yadi goma sha takwas da rabi: riguna biyar, wanduna huɗu.

Yanzu a duba abin da suke haifarwa. Kowace rigar toka tana shiga da wandon toka, tana kuma shiga da shuɗin wando, shiga huɗu ke nan. Shuɗiyar riga tana karɓar wandonta, da na toka, da fari, sun zama bakwai. Mai ruwan madara tana zama a kan shuɗi ko toka, tara. Farar riga da farin wando ko da shuɗi, goma sha ɗaya. Da ya bi hanyar da muka saba, ya yanki yadi ashirin ya ɗinka kaya biyar masu launi biyar, shiga biyar kawai zai samu. Da yadin da bai kai wannan ba, ya sami fiye da ninki biyu.

Sai hula, wadda ita ce sirrin suturar Bahaushe. Mai kallonka fuskarka yake fara gani, abin da ke saman fuskar kuwa shi ne ke zama a ransa. Huluna uku sun isa, da sharaɗin kowace ta ɗauki aƙalla biyu daga launukan kayan a cikin zarenta: zanna bukar mai toka da shuɗi, wata mai fari da ruwan madara, sai wata mai duhu wadda ba ta da hayaniya. Shiga goma sha ɗaya sau huluna uku, talatin da uku. Kwanakin aiki a wata ba su wuce ashirin da biyu zuwa da uku ba. Ɗalibin da zai haddace wannan sai ya bar karatunsa.

Na san za a ce, ai riga da wando masu launi daban ba shigar mutunci ba ce. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma tana da iyaka. Ranar ɗaurin aure, ko gaisuwar Sallah a fada, ko ranar da za a tsaya gaban manya, cikakken ɗinki ne ya dace, shi ya sa a tsarin nan akwai cikakku har huɗu: toka biyu, shuɗi, da fari. Amma a ranakun aiki, duk wanda ya tashi a gaban dattawa ya ga farin wando a ƙarƙashin riga mai launi, ba wanda ya ce sun yi abin kunya. Abin da ke ɓata haɗi ba bambancin launi ba ne, kusancinsa ne. Toka mai haske a kan toka mai ɗan duhu yana kama da kuskure, kamar an yi shiri cikin duhu. Shuɗi mai duhu a ƙarƙashin ruwan madara kuwa kowa ya gani ya san da niyya aka yi. Ƙa'idar ita ce: ko dai su zama ɗaya sak, ko su rabu sarai. Haka kuma nauyin yadin ya zo daidai, kada a ɗora riga mai sheƙi a kan wando marar sheƙi.

Mace ma'aikaciya, malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar ofis, lissafinta ya fi na namiji riba idan ta kula da abu guda. Turmin atamfa yadi shida ne. Ta sayi turmi biyu, amma ta tabbatar akwai launi ɗaya da ya ratsa su duka, a ce ruwan goro. Daga kowane turmi a fitar da riga mai ɗan tsawo, da siket, da kallabi. Sai ta ɗinka siket biyu na yadi marar zane, ɗaya baƙi, ɗaya ruwan goron nan, da riguna biyu marasa zane, ɗaya ruwan madara, ɗaya ruwan goro. Kowace rigar atamfa tana da siket uku da za ta hau: nata, da marasa zanen nan biyu, shiga shida. Kowace riga marar zane tana hawa dukkan siket huɗun, shiga takwas. A ƙara doguwar abaya ɗaya ta ranar da aka makara, sun zama goma sha biyar. Abin da ba a yi shi ne haɗa rigar wannan turmi da siket ɗin wancan, domin zane biyu ba sa zama lafiya a jiki ɗaya. Abin da hula take ga namiji kuwa, shi mayafi yake ga mace, har ma ya fi. Wadda ke sa dogon hijabi ta sani cewa abokan aikinta hijabin suke gani da bakin siket, don haka gara ta sa kuɗinta a hijabai uku masu kyawun yadi, waɗanda ba sa riƙe zafi, da ta tara atamfofin da ba mai ganinsu sai 'yan gida.

To, ina abin yake lalacewa? Wuri na farko shi ne wurin saye. Yadi biyu masu suna ɗaya da lamba ɗaya suna iya bambanta idan ba daga bandir guda aka yanko su ba, domin kowane zubin rini da irin kamunsa. A cikin rumfa ba za a gane ba, sai an fito rana. Shi ya sa yadi takwas ɗin nan na toka dole a yanke su rana ɗaya, ko a kasuwar Haɗeja ko a Kantin Kwari idan an sami mai zuwa Kano, ko da ba za a ɗinka su duka a lokaci guda ba. Kafin a biya, a jiƙa farin ƙyalle a goga a gefen yadin. Idan ya ɗauko launi, wannan yadin zuba zai yi, kuma ranar da ya haɗu da farar riga a bokiti an yi asara biyu. Wanda ke son sanin ko auduga ce ko roba, ya zare 'yan zaruruwa ya kusanta su da ashana: auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Riga tana son auduga ko abin da auduga ta rinjaya, saboda zafi. Wando ya fi jurewa idan da ɗan surkin roba, ya kuma fi saurin bushewa da damina. Tun da riga da wandon toka daga bandir guda za su fito, sai a nemi mai surki wanda audugarsa ta fi yawa, a sami tsaka-tsaki. Araha dai ba ta ado, amma tsada ma ba shaida ba ce. Ashana ta fi bakin mai talla gaskiya.

Wuri na biyu shi ne wurin tela. Auduga takan tsuke a wankin farko, don haka a jiƙa yadin a shanya shi kafin a yanka, in ba haka ba hannun riga zai gudu ya bar wuyan hannu a waje. A gaya wa tela ya yi dukkan wandunan da yanka ɗaya da tsawo ɗaya, su tsaya daidai idon sawu, ya kuma bar ninki mai faɗi a ƙafa domin idan bakin ya cinye a iya gyarawa. Aikin wuya ya zama kaɗan, da zare mai launin rigar, domin aiki mai launi uku yana ɗaure riga ga hula ɗaya tak. Kada kuma a kai wannan ɗinki ana saura mako biyu Sallah, lokacin da tela ke kwana a kan keke, yaransa ne ke yanka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wuri na uku shi ne wanki, kuma nan ne mafi yawa suke faɗuwa ba su sani ba. Idan mutum ya fi son wandon toka ɗaya ya riƙa sa shi, bayan wata shida zai koɗe ya bar ɗan'uwansa, ya bar rigunan, sai ga toka iri uku a akwati. Maganinsa a riƙa juya su daidai, a wanke masu launi ɗaya tare, a juya cikinsu waje kafin a shanya, a kuma nemi inuwa, domin ranar Haɗeja ta fi sabulu cin launi. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a buɗe cikin aljihu ko ƙarƙashin ninkin ƙafa a kwatanta da waje. Idan bambancin ya fito fili, kayan sun fara rabuwa. Da damina kuma kada a ninke tufa da sauran danshi a jikinta. Ƙananan ɗigo baƙaƙe da warin ruma su ne alamar fumfuna, kuma idan ta kama farin yadi da wuya ta fita duka. Guga mai zafi kafin ninkewa tana korar ragowar laimar. Sitati yana ƙara wa riga kwarjini, amma wadda za a ajiye ta daɗe kada a sa mata, domin kyankyasai da sauran ƙwari abinci suke gani.

Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo ƙanena wurina tun farko. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a Nijeriya naira 70,000 ne, kuma sabon ma'aikaci bai yi nisa da wannan ba. Ba zai iya yin wannan tsari a wata ɗaya ba, bai ma kamata ya gwada ba. Watan farko ya yanki yadin toka duka, ya ɗinka riga ɗaya da wando ɗaya, ya ci gaba da lallaɓa tsofaffin kayansa. Wata na biyu ya ɗinka sauran tokar. Na uku shuɗi, na huɗu ruwan madara da hula, fari ya zo a ƙarshe tun da kusan kowa yana da farin da zai kai shi masallaci. Ma'aunin da zai riƙe shi ne kuɗin kowace sawa, ba kuɗin saye ba. A ƙaddara ɗinki ya tashi a naira 24,000, yadi da ladan tela. Idan ana sa shi sau ɗaya a mako, mako arba'in a shekara, har shekara biyu, an sa shi sau tamanin, kowace sawa ta tashi naira 300. Ankon da aka saya a wannan kuɗin aka sa sau biyu, kowace sawa naira 12,000 ce. Ba na cewa a guje wa zumunci. Amma idan abokai suka zo fitar da anko, wanda ya yi magana da wuri yana iya jan ra'ayinsu zuwa launin da zai shiga ofis bayan an watse. Idan bai yiwu ba, hula ɗaya da halartar ɗaurin aure sun fi bashin da zai kai mutum ƙarshen shekara. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Mu mazauna wannan kwari muna da wani dalili da na tudu ba su da shi. Wanda ya ga daminar 2022, lokacin da ruwa ya shafe gonaki da gidaje a Auyo da Kafin Hausa da sauran garuruwan bakin kogi, jama'a suka koma kwana a azuzuwan makarantu, mutanen Haɗeja suka kwana suna tare jinga da buhunan ƙasa, ya san cewa akwai daren da mutum ba ya fita sai da abin da hannunsa zai iya ɗauka. Riguna biyar da wanduna huɗu da huluna uku suna shiga jaka ɗaya, tare da takardun shaidar karatu a cikin leda. Akwatuna uku kuwa a ƙasa ake barinsu. Daga watan Yuli zuwa ƙarshen Satumba, wannan jaka a rataye ya kamata ta kwana, ba a kan daɓe ba.

Ƙanen nawa bai karɓi rancen ba. Marainiyar rigar nan da wandonta ya yage, da muka ɗora ta a kan shuɗin wando sai ga ta ta zauna, ta zama ta shida. Anko biyu ya ba ƙannensa, shaddojin ya ajiye su domin ranakunsu. Kwanan baya na tambaye shi ko ɗalibai sun daina ƙirga masa riguna. Ya yi dariya ya ce: “Yaya, yanzu hula suke ƙirgawa, sun ce ina da goma.” Uku ce da shi. Abin da ya fi kula da shi yanzu shi ne kada daren Laraba ya wuce bai yi wanki ba, domin Juma'ar da za ta yi kyau, tun daga Laraba ake gane ta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.